Yaro ya iya "ba, be, bi, bo, bu" amma ya kasa karanta "baki": ina matsalar take?

Malama Rabi, Gusau

Assalamu alaikum, malamai da iyaye. Ina koyar da aji ɗaya na firamare, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Tun zangon farko na koya wa ɗalibaina auren baƙi da wasali, har ta kai idan na rubuta jerin ba, be, bi, bo, bu a allo, sai ajin gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya ba tare da kuskure ba. Haka suke yi da jerin ka da na ma da sauransu. Amma da na rubuta "baki" na kira yara ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu sai su tsaya suna kallona. Wani ya ce "ba, be", wani ya ce "babu", wata yarinya kuma ta furta "ba" da "ki" daidai, amma da na tambaye ta wace kalma ce, sai ta yi shiru. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki: me ya rage ban yi ba?

Malam Garba, Azare

Wa alaikumus salam, Malama. Yaron da ya ce "ba, be" ya riga ya ba ki amsa, domin ya nuna miki cewa abin da ya riƙe waƙa ce, kuma "ba" ita ce farkon waƙar. Da ya ga b a allo, sai bakinsa ya ci gaba da abin da ya saba biyo baya, idonsa bai ma kai kan harafi na uku ba. Jerin gaɓoɓi da ake rerawa kullum a tsari ɗaya yana shiga kai ta kunne, kuma yaro yana iya rera shi ko da ya juya wa allo baya.

Kafin ki sake komai, ki fara tantance wanda ya iya da wanda bai iya ba, kuma wannan ba ya buƙatar wani kayan aiki. Ki rubuta gaɓoɓi 10 a takarda a hargitse, misali ki, mu, ba, ko, ni, bu, me, ka, na, bi, sa'an nan ki riƙa kiran yaro shi kaɗai, nesa da inda zai ji bakin 'yan'uwansa, kina nuna masa da yatsa. Za ki ga sun kasu gida uku. Akwai waɗanda ba su san sautin haruffan ba tukuna, su ne masu yin shiru ko masu cankar duk abin da ya zo bakinsu. Akwai waɗanda suke gane baƙin amma wasalin yana kuɓuce musu, su karanta "mu" a matsayin "ma", "ki" a matsayin "ka". Akwai kuma irin yarinyar nan da kika ambata, wadda take karanta kowace gaɓa daidai amma ba ta iya haɗa biyu su zama kalma. Kowane gida da maganinsa, kuma yarinyar ita ce ta fi kusa da karatu a cikinsu duka, ko da yake ita ce ta fi ba ki mamaki.

Alhaji Ɗanlami, Kano

Ni ba malami ba ne, uba ne, amma ina ganin laifin yana ga yawan Hausar da ake cusa wa yara. Ɗana yana makarantar kuɗi, kuma tun yana nazire ya iya A, B, C, D har ƙarshe. Yaro ya riga ya iya Hausa daga gida, me zai sa a ɓata lokaci ana koya masa ita? A koya masa haruffan Turanci, Hausar za ta zo da kanta.

Malam Garba, Azare

Alhaji, ranka ya daɗe, tambayar Malama ba a kan wane harshe ya fi ba ce, amma maganarka ta taɓo wani abu da ya shafi ajinta kai tsaye. Ka rubuta wa ɗanka "bi" ka ce ya karanta da Hausa, ka saurari abin da zai ce. Yaran da suka fara da sunayen haruffan Turanci sun san harafin a da suna "e", harafin e da suna "i", harafin i kuma da suna "ai". Wato wasula uku daga cikin biyar sun yi musayar sauti a kansu. Irin wannan yaro yakan karanta "bi" ya ce "bai", ya karanta "me" ya ce "mi", idan kuma aka ce ya haɗa m da a sai ya ce "em, e", abin da ba zai taɓa zama "ma" ba komai saurin da ya faɗe shi. Malama, idan kika ji wannan irin kuskure a gwajin da na ce ki yi, to ki san ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, sunan harafi ne ya tare wa sautinsa hanya.

Malama Rabi, Gusau

Na gode, Malam. Akwai masu cewa "bai" ɗin kuwa, musamman waɗanda suka yi nazire kafin su zo mana. To da gida na biyu da na uku, yaya zan yi da su a aji mai yara sama da 80?

Malam Garba, Azare

Ki rage haruffa. Wannan ita ce shawarar da malamai suka fi ƙin ji, domin suna ganin komawa baya ce. Ki ajiye jerin abacada, ki ɗauki haruffa 6 kawai: a, i, u, da m, n, k. Daga cikinsu za ki sami gaɓoɓi 9, kuma da waɗannan gaɓoɓi za ki rubuta nama, mama, kaka, kuka, kuma, kama, nuna, namu, naku, muna, kuna, makami, har da ina, ana, uku da aku. Kina ma iya rubuta jimla sukutum, kamar "Nana na kuka", yaro ya karanta ta da kansa a cikin makonni na farko.

Dalilin fara haɗawa da m da n shi ne sautinsu yana jawuwa. Kina iya riƙe "mmm" na daƙiƙa biyu ko uku ba tare da wani wasali ya shigo ba. Ki rubuta m a hagu, a a dama, da ɗan tazara a tsakani. Ki ɗora yatsa a ƙarƙashin m kina cewa "mmm", ki ja yatsan zuwa a ba tare da kin yanke numfashi ba, sautin ya zama "mmmaaa", sa'an nan ki sake jan yatsan da sauri ki ce "ma". Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada murya ta tsaya a tsakanin haruffan biyu. Daga nan sai ki bar m a wurinsa, ki goge a ki sa u, ki tambaye su me ya zama yanzu. Wannan sauya wasali ɗaya shi ne maganin gida na biyu, domin yana tilasta wa idon yaro ya duba harafi na biyu. Haruffa irin s, l, r, z da f duk suna jawuwa haka. Su kuwa k, b, d, t da g ba sa jawuwa, shi ya sa na sa k a ƙarshe, bayan yaro ya gane dabarar da m da n.

Gida na uku kuma matsalarsu tazara ce. Yarinyar tana faɗin "ba", ta yi dogon nazari kafin ta gano "ki", kafin ta kai can "ba" ta riga ta fita daga kanta. Abu biyu za ki yi mata. Na farko ba ya buƙatar allo ko kaɗan: ki furta "na", ki ɗan dakata, ki furta "ma", ki ce su gaya miki abin da kika ce. Idan sun iya da gajeruwar tazara sai ki tsawaita ta, sa'an nan ki koma kalmomi masu gaɓa uku kamar "ta, ba, rma" a'a, kada ki raba ta haka, zan dawo kan wannan, ki ɗauki masu sauƙi tukuna irin "ku, je, ra" da "a, ga, de". Minti 5 a farkon darasi ya isa, kuma ajin gaba ɗaya yana iya yi tare. Na biyu, a allo, idan ta karanta gaɓoɓin biyu, ki ce ta sake faɗa da sauri, ta kuma sakewa, har kunnenta ya ji kalmar da ta sani. Sau da yawa za ki ga fuskar yaro ta canza a daidai lokacin da "na, ma" ta zama naman da yake ci.

Malam Nasiru, Zariya

Ina girmama Malam Garba, amma ban yarda da batun furta baƙi shi kaɗai ba. Wannan dabara ce da nake ganin ta fi dacewa da Turanci, inda rubutu da furuci suka yi hannun riga. A Hausa ba mu da kalmar da ta fara da baƙi biyu a jere, kuma babu Bahaushen da yake furta b ko d tsirara. Duk malamin da ya ce zai furta sautin b, abin da yake fitowa daga bakinsa "bu" ne ko "ba". Sai ya ce wa yaro "bu" da "a" sun ba da "ba", yaro kuwa kunnensa ya ji "bu'a". Mun ƙara masa ruɗani ke nan. Gaɓa ita ce abin da kunnen Bahaushe yake ji, don haka a koyar da ita a dunƙule. Gaɓoɓin Hausa duk baƙi da wasali ne, idan yaro ya haddace su ya gama. Ko a makarantar allo, da zarar an wuce babbaƙu an shiga farfaru, baƙi da wasalinsa ake karantawa tare.

Malam Garba, Azare

Malam Nasiru ya yi gaskiya a kan b da d, kuma na sha jin wannan "bu'a" a azuzuwa. Shi ya sa ban ce a fara da su ba. Idan an zo kansu, ni ma ba na furta su tsirara. Nakan ce wa yara su shirya bakinsu kamar za su ce b, leɓɓa a rufe, kada su saki sai yatsana ya kai kan wasalin. Ta haka gaɓar take fita a dunƙule kamar yadda kake so, amma yaro ya san abu biyu ne a cikinta.

Inda muka rabu shi ne cewa gaɓoɓin Hausa duk baƙi da wasali ne. Ka duba "makaranta" kanta, ko "littafi", ko "alli", ko "hannu". Kowacce tana da rufaffiyar gaɓa, wadda baƙi ya rufe ƙarshenta. Yaron da ya haddace gaɓoɓi a dunƙule, bai taɓa sanin cewa r ko n suna da sautin kansu ba, idan ya iso "ƙarfe" ko "sarki" ba shi da abin yi sai ya ƙirƙiro wasali, ya ce "saraki". Zai karanta "kunne" ya ce "kunane" ko ya tsallake n ɗaya ya ce "kune". Wannan shi ne wurin da yara da yawa suke tsayawa cik bayan sun yi ta gudu a kan nama da kaka, malami kuma ya rasa abin da ya same su.

Hajiya Binta, Sakkwato

Wannan shi ne ainihin abin da jikata take yi. Ajinta biyu, tana karanta gajerun kalmomi lafiya lau, amma jiya ta karanta "babba" ta ce "baba", na gyara mata, ta ce ai duk ɗaya ne. "Gwanda" kuma ta ce "gawanada". Malam, yaya ake raba irin waɗannan kalmomi? Kuma ka ce za ka dawo kan "tabarma".

Malam Garba, Azare

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ƙa'idar rabawa guda ɗaya ce, kuma ba ta da wuya: gaɓar Hausa tana farawa da baƙi ɗaya ne tak, saboda haka duk inda kika ga baƙi biyu a jere a tsakiyar kalma, tsakaninsu ake yankawa, ban da baƙaƙe masu goyo da zan zo kansu. Tabarma ta zama ta, bar, ma. Sarki ya zama sar, ki. Babba ta zama bab, ba. Makaranta ta zama ma, ka, ran, ta.

Wajen koyarwa, kada ki ba ta "bar" a matsayin sabon abu. Ki rubuta "ba", ta karanta, sa'an nan ki ƙara r a gabanta tana kallo, ki ce ta ja "baaa" ta rufe da "rrr". Ki yi haka da ma, man, ka, kas, ta, tam, fa, far. Idan ta iya rufewa, sai ki ƙara gaɓa ta biyu: kas, kasko, far, farce, tam, tambaya. Nan ma ki fara rufewa da n, m, r, s, l, masu jawuwa, ki bar bab da lit sai daga baya.

Batun baba da babba, kada ki yi mata bayani, ki bar ma'ana ta yi aikin. Ki rubuta su kusa da juna, ki furta ɗaya, ki ce ta nuna wadda kika faɗa. Ki ƙara mata mana da manna, kala da kalla. Ki sa ta lura da bakinta: a "babba" leɓɓa suna daɗewa a rufe kafin su buɗe, a "manna" harshe yana daɗewa a manne da dasashi. Da zarar ta ji wannan riƙewa a bakinta, ba za ta sake cewa duk ɗaya ne ba.

Gwanda kuwa matsala biyu ce a kalma ɗaya. Akwai rufaffiyar gaɓa, akwai kuma gw, wanda harafi biyu ne a ido amma sauti ɗaya ne a baki. Haka sh, ts, ky, gy, ƙy, kw da ƙw suke, su ne baƙaƙe masu goyo, kuma ba a yankawa a tsakaninsu. Nakan rubuta kowannensu a kati ɗaya, haruffan biyu tare, domin yaro ya ɗauke shi da hannu a matsayin abu guda. Sai a bi mataki: gwa, gwan, gwanda. Tsi, tsin, tsintsiya. A yi hattara da wani abu a nan: kada a cusa masu goyo cikin jerin wasula biyar don a cika layi. Na ga allunan da aka rubuta kwa, kwe, kwi, kwo, kwu, alhali ba ma rubuta "kwu" a daidaitacciyar Hausa, ku muke rubutawa, haka kuma ki muke rubutawa ba "kyi" ba.

Malam Issoufou, Maraɗi

Gaisuwa ga malamai daga Nijar. Abin da Malam Garba ya faɗa game da Turanci muna da irinsa da Faransanci, sai dai a wasu haruffa dabam. Wasulan a, i da o ba sa ba mu wahala sosai. Wahalarmu tana kan u, domin Faransanci yana rubuta sautin da "ou", har yaron da ake kira Musa yana ganin sunansa a rajista an rubuta Moussa. Sai kuma c: yaron da ya fara da Faransanci yakan karanta "ci" ya ce "si", ya karanta "ca" ya ce "ka". Sh kuma ya saba ganinsa a matsayin "ch". Mu kuma muna rubuta ƴ inda ku kuke rubuta 'y.

Tambayata ita ce ta karin harshe. Yaro a nan yana ganin "fari", ya haɗa gaɓoɓin daidai, amma a bakinsa na gida "hwari" ne. Idan ya karanta ya ce "hwari", in ɗauka ya yi daidai ko in gyara?

Malama Rabi, Gusau

Mu ma a Zamfara haka ne, Malam. Ni dai nakan bar su, domin ina ganin wanda ya ce "hwari" ya gane kalmar ke nan.

Malam Nasiru, Zariya

A wajen karatu na yarda a bar shi. Amma ranar da kuka yi shifta zai rubuta abin da bakinsa yake faɗa, kuma a jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake nema. Gara a nuna masa tun da wuri cewa wannan harafi f ne, ga yadda ake furta shi a rubuce, ga yadda muke faɗa a gida, ba tare da an kunyata shi ba.

Har yanzu kuma ina kan bakana game da gaɓa. Rufaffiyar gaɓa hujja ce mai ƙarfi, na karɓa, amma ana iya koyar da an, in, un, ar, as a dunƙule su ma. Akwai kuma abin da duk ba mu ambata ba, wanda yake nuna cewa haɗa sauti kaɗai ba ya kai yaro gida. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Yaro zai haɗa ga da do daidai, amma gadon kwanciya ne ko gadon da ake rabawa? Kuka na hawaye ne ko kukar miya? Fari na launi ne ko na rashin ruwan sama? Idan malami ya saba wa yara da rera kowace gaɓa da tsawo ɗaya da murya ɗaya, abin da zai fito daga bakinsu ba zai yi kama da kowace kalma ba, kuma ina zargin wannan yana cikin abin da ya hana yarinyar Malama gane "baki".

Malam Garba, Azare

Wannan zargi yana da tushe, Malam, kuma ban kawo shi ba. A waƙar gaɓoɓin nan kowace gaɓa doguwa ce, murya kuma a sama, alhali kalmomi da yawa suna da gajeren wasali ko karin da yake sauka. Yarinyar tana iya faɗin gaɓoɓin da sauri amma da karin waƙa, kunnenta ya ƙi gane su. Abin da nake yi shi ne, idan yaro ya haɗa, sai in ce masa ya faɗe ta yadda ake faɗa a gida, in kuma sa kalmar cikin gajeruwar jimla da wuri, domin "Kaka na daka kuka" ba ta barin shakka a kan wace kuka ake nufi. A makonnin farko kuma ina zaɓen kalmomin da yara suke ji kullum.

A kan koyar da an, ar, as a dunƙule, ina ganin nauyin hadda zai yi yawa, domin kowane baƙi na farko zai zo da nasa jerin. Amma akwai hanyar da za mu gwada maimakon mu yi ta ja. Malama, bayan makonni kaɗan da haruffan nan 6, ki rubuta wa yaran kalmomin da babu su, kamar "nuki" da "kinu". Wanda ya karanta su ya iya haɗawa da gaske, domin ba shi da inda zai canko su. Sa'an nan ki koya musu sautin s shi kaɗai, kada ki rera musu jerinsa, ki rubuta sa, su, si ki ga ko za su karanta da kansu.

Malam Nasiru, Zariya

Na yarda da gwajin, da sharaɗin a yi shi da baƙin da ba ya jawuwa shi ma. S yana da sauƙi, kuma zai goyi bayan Malam Garba. A gwada da t ko d.

Malama Rabi, Gusau

Zan yi da s da t duka, in kawo muku abin da na gani. Amma akwai abin da ya rage mini. Manhajar da aka ba mu tana son a gama haruffa gaba ɗaya a wannan zango, kuma mai duba makarantu yana duba littafin shirin darasi. Idan na tsaya a kan haruffa 6, sai yaushe zan kai ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda yarana suke rubutawa ba ƙugiya tun yanzu?

Malam Garba, Azare

Tsayawar ba ta daɗewa. Da zarar yawancin ajin sun ci gwajin "nuki", kina iya ƙara haruffa biyu ko uku a mako, domin kowane sabon baƙi yana zuwa ne ya tarar da wasulan suna jiransa. Masu ƙugiya kuwa kada ki kawo su rana ɗaya da 'yan'uwansu marasa ƙugiya. Ki bar k ya zauna sosai, sa'an nan ki kawo ƙ, ki sa baki da baƙi kusa da juna a allo, haka kuma bari da ɓari, dawa da ɗawainiya idan sun kai masu tsawo. Batun mai duba makarantu, ki ajiye takardar gwajin farko da sunan kowane yaro da abin da ya karanta, ki nuna masa ita tare da ta biyu idan ya zo.